Babi na 6: Hayar Shago ko Sayen Kwantena, Yaushe Kuɗin Zai Dawo?

Ku ɗauko littafin rubutu da fensir. Wanda yake da kalkuleta a wayarsa ya buɗe ta, ba laifi ba ne. Ku ja layi a tsakiyar shafi daga sama zuwa ƙasa. A hagu ku rubuta HAYA, a dama ku rubuta KWANTENA. Kada ku yi gaggawa, wanda hannunsa bai saba ba mu jira shi.

Lambobin da ke cikin wannan babi na misali ne kawai. Idan kun gane hanyar, sai ku goge su ku sa na wurinku.

Darasi na 1: Kuɗin da ake biya sau ɗaya

Kwantenar da aka fi mayarwa shago ita ce mai tsawon ƙafa 20, wato kusan mita 6, faɗinta ƙafa 8. Ko babu komai a cikinta nauyinta ya haura tan 2. Wannan nauyi shi ne farkon kashe kuɗi, domin ba a tura ta da hannu. Sai babbar mota, sai kuma injin da zai ɗora ta ya sauke ta.

Mu ce wata ’yar kasuwa ta sayi tsohuwar kwantena a kan 900,000. Ku rubuta a dama. Ɗaukowa da saukewa 100,000. Ku rubuta a ƙarƙashinsa. Mai walda zai yanka ƙofa da taga, kafinta ya yi kanta, a sa silin da abin tare zafi a jikin bango, domin ƙarfe ne, idan rana ta buɗe sai cikin ya zama tanda, kaya su lalace. Wannan aiki duka 250,000. Ba a kuma ajiye ta a kan ƙasa tsurarta, danshi zai ci gindinta da tsatsa. Ana ɗora kusurwoyinta huɗu a kan bulo ko daɓen siminti, 80,000. Wayar lantarki da takardar izinin hukuma, 70,000.

Yanzu ku tara, ɗaya bayan ɗaya. 900,000 da 100,000 sun zama 1,000,000. Da 250,000, sun zama 1,250,000. Da 80,000, 1,330,000. Da 70,000, 1,400,000. Ku zagaye wannan lamba da fensir. Ita ce kuɗin kwantenar na gaskiya. Kuɗin da aka miƙa wa mai sayarwa wani ɓangare ne kawai a ciki.

Af, kafin ku biya: ku shiga cikinta da rana, a rufe muku ƙofa. Duk inda kuka ga haske ya shigo, nan ruwan sama zai shigo.

Darasi na 2: Ragowar shekara

Nan ne wurin da ake faɗuwa, shi ya sa za mu daɗe a kai.

A hagu, hayar shago 300,000 a shekara. Ku rubuta. Duk ajin da na koyar, da zarar an zo nan sai wani ya ɗaga hannu da murna ya ce, “Malam, na gane! Idan na sayi kwantena na huta da biyan 300,000 kowace shekara.” To, a’a. Kwantenar taka ce, amma filin da take kai fa? Idan ba naka ba ne, mai fili zai karɓi nasa duk shekara. Mu ce 80,000. Fenti da toshe yoyon rufi da man ƙofa, mu ce 20,000. Sun zama 100,000 a shekara. Ku rubuta a dama, nesa kaɗan da lambar da kuka zagaye, kada su cakuɗe.

Yanzu ku ɗebe. 300,000 a cire 100,000, saura 200,000. Wannan 200,000 ita muke kira ragowar shekara. Ita kaɗai ce take shiga aljihun matar nan saboda ta bar haya. Ku faɗa da baki: hayar shago, a cire kuɗin da kwantena ke ci a shekara, abin da ya rage shi ne ragowa.

Ku sake faɗa. Haya 300,000. Cin kwantena 100,000. Ragowa 200,000.

Idan kun ruɗe, ku yi da tsakuwa. Ku ajiye tsakuwa 3 a gabanku, kowace ɗaya 100,000 ce. Su ne hayar da kuka daina biya. Mai fili da mai fenti suka zo suka ɗauke ɗaya. Nawa suka rage? Biyu. Da biyun nan za ku biya kanku, ta ukun ta tafi. Wanda bai gane ba ya sake yi, babu kunya, ni ma da farko sai da aka maimaita mini.

Darasi na 3: Rabawa

Ku ɗauki lambar da kuka zagaye ku raba da ragowa. 1,400,000 ÷ 200,000. Don sauƙi ku soke sifili biyar a kowane ɓangare, ya zama 14 a raba da 2. Amsa 7. Sai bayan shekara 7 kwantenar za ta mayar da kuɗinta.

Na san abin da wasunku suka yi, domin na gani a littattafai ba sau ɗaya ba. Sun ɗauki 900,000 sun raba da 300,000, sun sami shekara 3, har suna ta fara’a. Haba jama’a! Kun jefar da kuɗin mota da na walda a sama, kun manta da mai fili a ƙasa. Kuskure biyu a layi ɗaya. Mai sayar da kwantena ne ke son irin wannan lissafi, ku kuwa ku za ku zauna da ita. Da ragowa ake rabawa. Ba da haya ba. Na gaji da jan layin ja a kan wannan, don Allah ku riƙe.

Idan rabawar ba ta fita daidai ba, misali ta ba ku 5.5, to shekara 5 ne da rabi, wato da wata 6. Ba wata 5 ba ne.

Darasi na 4: Fili

Shekara 7 ɗin nan tana aiki ne idan an bar kwantenar a wurin shekara 7. A ce an tashe ta bayan shekara 3. Abin da ya dawo 600,000 ne, wato 200,000 sau 3. Saura 800,000 a waje. Ko ’yar kasuwar ta sayar da ita 600,000, ta yi asarar 200,000, domin kuɗin daɓe da na mota ba sa dawowa. Saboda haka a rubuta yarjejeniyar fili da shaidu, kuma shekarunta su wuce amsar da kuka samu.

Darasi na 5: Jari

Kuɗin da aka zuba a ƙarfe ba ya sayen kaya. Idan 1,400,000 ɗin nan za ta kawo ribar da ta wuce 200,000 a shekara in aka juya ta, haya ta fi. Idan bashi ne mai ruwa, ku haɗa ruwan da cin shekara kafin ku ɗebe.

Aikin gida

Kwantena da duk aikinta 1,200,000. Hayar shago 360,000 a shekara. Fili da gyara 120,000 a shekara. Ku nemo ragowa tukuna, ku rubuta ta a layinta ita kaɗai, sannan ku raba. Littafin da ban ga layin ragowa a ciki ba, zan mayar wa mai shi.