Ranar ɗibar jini a Ingila: azumin da saƙo ke nufi, da maganin suma a kujera

Rajista da likitan unguwa, wato GP, ba ta da wahala, kyauta ce, kuma 'yan'uwanmu a nan ba sa barin baƙo ya je shi kaɗai. Abin da nake so in yi magana a kai shi ne ranar da saƙo zai shigo wayarka cewa ka zo a ɗebi jininka.

Idan ka ga kalmar "fasting" a saƙon, ba azumin watan Ramadan ake nufi ba. Abinci da shayi da lemo kawai za ka bari, yawanci awa 8 zuwa 12, amma ruwa zalla ka sha abinka. Ni a shekarata ta farko na kame baki tun bayan isha'i, ko kurɓin ruwa ban yi ba, na kuma taka da ƙafa cikin sanyi. Sanyi da rashin ruwa duk suna sa jijiya ta noƙe. Nas ta soka hannun hagu ba ta samu ba, ta koma dama. Ta tambaye ni ko lafiya, na ce lafiya lau, don kada a ce ƙato yana tsoron allura. Can sai na ji zufa mai sanyi ta karyo min, kunnuwana suka toshe, ganina ya dushe. Farkawa na yi a ƙasa, an ɗaga ƙafafuna sama, goshina da ƙulu.

Nas ɗin ce ta yi min bayani. A jikin wasu mutane, ganin allura ko jini yana sa zuciya ta fara bugawa da sauri, sai kuma nan take bugun ya ragu, ƙarfin gudun jini ya faɗi, jini ya kasa isa ƙwaƙwalwa sosai. Shi ke nan sai suma. Babu ruwan wannan da jarumta, kuma ba iska ba ce.

Saboda haka kana shiga ka faɗa musu ka taɓa suma ko kana jin jiri, su kwantar da kai a gado a ɗiba kana kwance. Ranar wanka ba a ɓoyon cibi. Idan Turanci bai zauna maka ba tukuna, nemi tafinta tun lokacin da ake ba ka rana, hukumar lafiyar ƙasar, wato NHS, ba ta karɓar ko kwabo a kan wannan.

Akwai kuma dabarar ɗaure jiki, wadda wani masani ɗan Suwidin, Lars-Göran Öst, ya fito da ita wajajen 1987. Kana zaune, sai ka ɗaure naman ƙafafu da ciki da hannuwa tamau na daƙiƙa 10 zuwa 15, har ka ji ɗumi ya hau fuskarka. Ka saki na daƙiƙa 20 zuwa 30, ba saki na laɓewa ba, ka koma yadda kake zaune da farko. Ka maimaita sau 5. Wannan yana ɗaga ƙarfin jinin da ke shirin faɗuwa. Ka fara gwadawa a gida sau 3 a rana, mako guda kafin ranar. A kujera kuwa, hannun da za a soka ka bar shi sake, don ɗaure shi ƙara zafi yake yi. Mai hawan jini ya tambayi likita kafin ya fara.

Wanda ba ya suma, gabansa ne kawai ke dukan uku-uku, ba wannan yake buƙata ba. Ya kawar da kai daga allurar, ya ja numfashi a hankali ta hanci, ya fitar ta baki. Ni salati nake yi a zuci, yana daidaita min numfashi. Idan zafin sukan ne damuwarka, kemis na sayar da man EMLA mai kashe fata, ana shafawa awa guda kafin lokaci.

In tsoron allura ya biyo ka wajen likitan haƙori, da sauƙi: ku yi yarjejeniya cewa in ka ɗaga hannu zai dakata. Allurar kashe dasashi takan sa zuciya ta ɗan yi sauri na 'yan mintuna, saboda sinadarin adiranalin da ke cikinta.

Watan jiya na raka wani yaro da bai daɗe da zuwa ba. Ya ga kwalabe huɗu a faranti, ido ya raina fata, ya ce, "Yaya, duk wannan jinin sayarwa za su yi?" Na ce, "Kai, wa zai saya? Kowace kwalba ba ta wuce cokalin shayi ɗaya ko biyu ba, kai kuwa kana yawo da kusan lita 5." Duk da haka ya ƙi kwanciya, wai shi ba mara lafiya ba ne. Ana zare allura ya miƙe zumbur, maimakon ya danne audugar ya zauna minti biyar. Da ƙyar na taro shi a bakin ƙofa.