Darasi: Kula da Fistula, Jijiyar Wankin Koda

Idan kodar mutum ta gaza, na'ura ce ke tace masa jini, galibi sau 3 a mako, kowane zama kamar awa 4. Na'urar tana buƙatar jini mai yawa cikin sauri, jijiyoyin hannu kuwa ƙanana ne. Shi ya sa likita yake yin ƙaramin aiki a wuyan hannu ko kusa da gwiwar hannu, ya haɗa jijiyar da ke kawo jini daga zuciya da wadda ke mayar da shi. Wannan haɗin shi ake kira fistula. Jijiyar takan ɗauki makonni 6 zuwa 12 kafin ta yi kauri, ta isa a soka mata allura.

Fistula mai lafiya tana da alama guda da kowa zai iya ganewa. Ka ɗora yatsu uku a hankali a kan wurin ɗinkin. Za ka ji wani kaɗawa a ƙarƙashin fata, kamar wayar hannu tana rawa a tafinka, ba ya tsayawa. Jini ne ke wucewa. Ka taɓa da safe idan ka tashi, da rana, da kuma kafin ka kwanta, har hannunka ya san yadda taka take. Wanda ya san yadda tasa take kullum shi ke saurin gane ranar da ta canza.

Matsi da saukar jini suna cikin abubuwan da ke toshe fistula. Duk abin da ya danne jijiyar yana rage gudun jini, jinin da ya tsaya kuwa daskarewa yake yi. Saboda haka kada ka kwanta a kan wannan hannun, kada ka yi matashi da shi. Agogo, awarwaro da riga mai matse hannu su koma ɗaya hannun. Kada ka rataya jaka ko ka ɗauki kaya mai nauyi da shi. A kowane asibiti ka je, ka faɗa da bakinka tun kafin a taɓa ka: "Wannan hannun akwai fistula." Ba a auna hawan jini a nan, ba a ɗibar jini, ba a sa ƙarin ruwa. Kada kunya ta hana ka, ma'aikacin da bai san ka ba ba zai sani ba sai ka gaya masa.

Ga misali. Wata mata ta dawo daga wankin koda da yamma tana jin jiri, daga baya gudawa ta kama ta cikin dare. Da asuba ta taɓa hannunta, sai ta ji kaɗawar ta ɓace, sai bugu ɗaya-ɗaya mai ƙarfi, jijiyar kuma ta yi tauri tana ciwo. Ruwan jikinta ne ya ragu, jininta ya sauka, gudan jini ya fara toshe hanyar. Wankinta na gaba sai jibi. Me ya kamata ta yi? Ta kira sashen wankin koda nan take, ta tafi a ranar. Kada ta murza wurin, kada ta gasa shi da ruwan zafi. Idan an je da wuri, likitoci kan iya cire gudan jinin ko su buɗe inda ya tsuke. Idan aka jira kwanaki, sau da yawa fistular ta tafi ke nan, sai a sa roba a jijiyar wuya, wadda ta fi saurin kawo ƙwayoyin cuta cikin jini.

Su ma ƙwayoyin cutar ta ramin allura suke shiga. Ka wanke hannun da sabulu da ruwa kullum, da kuma dab da a sa maka allura. Kada ka sosa wurin, kada ka ɓantare ɓawon da ya bushe, kada ka shafa wani magani da ba a ba ka ba. Idan wurin ya yi ja ko ya ƙara duhu, ya yi zafi, ya kumbura, ko yana fitar da mugunya, ko zazzaɓi da rawar sanyi suka kama ka, a ranar za ka je asibiti. Haka ma idan yatsun hannun suka yi sanyi, suka mutu, ko suna ciwo.

Bayan an cire allura, ka danna wurin da auduga mai tsabta kamar minti 10, da ƙarfin da zai tsayar da jini ba tare da kaɗawar ta ɗauke ba. Idan jini ya ɓalle a gida, ka danna da yatsu a daidai ramin, ka ɗaga hannun sama, kada ka riƙa ɗagawa kana leƙawa. Jinin fistula da ƙarfi yake fita. In yana tsartuwa ko ya ƙi tsayawa, a kai ka asibiti da gaggawa, kana danne da wurin har ku isa.