Kurakuran da aka fi yi wajen auna tsarin gas da na ruwan sanyi a otal

Mai otal a Katsina da ke son sanyaya ɗakunansa zai karɓi takardun farashi biyu. Ɗaya ta tsarin da ake rubutawa VRF, wanda gas ke bin siraran bututun tagulla har cikin kowane ɗaki, shi ne wanda kamfanin Daikin ya fara fitarwa a 1982. Ɗayar ta cila ce, injin da ke sanyaya ruwa zuwa digiri 7, famfo ya zagaya da shi ɗakuna ya dawo da digiri 12. Sai Alhaji ya leƙa ƙasan takardun ya ɗauki mai araha. Nan aka fara ɓata lissafi, don kuɗin saye ƙaramin kaso ne na abin da sanyin zai ci.

Mu ƙaddara otal mai ɗaki 60 da ke buƙatar sanyi na kilowat-awa 500,000 a shekara. Alƙaluman na misali ne, kowa ya sa nasa. A ce tsarin gas miliyan 200, cila mai sanyaya kanta da iska miliyan 240. Idan kowane yunit na wuta yana ba da yunit 4 na sanyi a tsarin gas, zai sha 125,000. Cila ta ba da 3.2, ta sha kusan 156,000. Wannan 3.2 har da famfunan ruwa, waɗanda masu lissafi kan manta alhali dare da rana suke juyawa. Kada kuma a kwafi lambar katalog, an auna ta ne a zafin digiri 35, Afrilun Katsina kuwa yana haura 40.

Kuskure na gaba shi ne lissafa wutar duka da farashin KEDCO. Janareta kan ci kusan lita 0.3 na dizal a kowane yunit. In lita tana 1,300, yunit ya kama naira 390. In rabin wutar daga layi take a kan 210, matsakaici 300 ke nan. Ratar yunit 31,250 ta zama kusan miliyan 9.4 duk shekara. Da dare ma akwai magana: baƙi goma kawai suka kwana, amma cila da famfunanta na iya tilasta a tayar da babban janareta.

Sai shekarun aiki. Tsarin gas ana yi masa lissafin kamar shekara 15, kuma in ya tsufa sau da yawa har injinan cikin ɗakuna sai an canza, don sabon samfuri ba lallai ya yi aiki da tsoho ba. Cila tana kai 20, bututun ruwanta na wuce haka nesa. Wanda ya tsayar da lissafi a shekara 10 ya ɓoye wannan duka. A kai shi 25.

Inda na fi ganin masu ilimi suna zamewa shi ne mayar da kuɗin gobe darajar yau. A lissafin, C kuɗin da za a kashe ne bayan shekara n, r kason ruwa na shekara, PV kuma darajar kuɗin a yau:

```
PV = C / (1 + r)^n
```

Mutum zai sa ruwan banki, a ce kashi 25, amma ya bar farashin dizal yadda yake yau har shekara 25. Ruwan banki yana ɗauke da hauhawar farashi a cikinsa, farashin da aka daskarar ba ya ɗauke da ita. Ko dai a hauhawar da farashin, ko a cire hauhawar daga ruwan. Da kashi 8 bayan an cire hauhawar, da farashin yau, kuɗin wutar shekara ana ninka shi sau 10.7. Tsarin gas: saye 200, wuta 400, sauyi na miliyan 200 a shekara ta 15 ya dawo 63, jimla 663. Cila: 240, wuta 500, sauya injin na miliyan 90 a shekara ta 20 ya dawo 19, jimla 759. Da an yi gaurayen nan na kashi 25 da farashin yau, ratar wuta ta miliyan 100 ta koma 37, sauyin miliyan 200 ya koma 7. Alamar kuskuren ke nan: duk abin da ya wuce shekara goma ya zama kamar babu shi.

Wannan jimlar ba ta haɗa gyara ba, a nan kuma cila kan rage rata. Yoyon ruwa ido na ganinsa a silin, mai gyaran famfo na Ƙofar Ƙaura zai iya da shi. Yoyon gas sai an bi walda ɗaya bayan ɗaya, allon lantarkinsa kuma ba ya jure wuta mai hawa da sauka, in ya ƙone a jira Kano ko Legas ɗakuna na kulle. A sa kuɗin waɗannan kwanakin, da wankin ƙurar hunturu a ɓangarorin biyu. Ƙa'idar EN 378 ta ƙayyade gas ɗin sanyi na R-410A a kilo 0.44 kan kowace mita-kubik, wato ɗaki mai mita-kubik 60 ba zai ɗauki layin da gas ɗinsa ya wuce kilo 26 ba. In ya wuce, sai a raba layin ko a sa na'urar gano yoyo, kuma a nemi mai kwangila ya rubuta kuɗinsu a takardarsa kafin a sa hannu.