Yadda na rage nauyin bidiyon suna ya isa Sakkwato

Kun yi ta tambayata yadda na yi. Ina karatu a Alƙahira aka yi sunan ɗan yayana a can. Bidiyon minti biyar ya kai 600 MB, Inna a unguwar Mabera ta Sakkwato ta kwana biyu tana ƙoƙarin saukewa, sabis na yankewa. Ƙarshe ta kira ni: "Ɗan nan, har yau ban ga jikana ba." Ga abin da na yi:

1. Kwafe bidiyon zuwa kwamfuta.
2. Buɗe shi a HandBrake, manhaja ce ta kyauta.
3. A Preset zaɓi Fast 480p30.
4. Shiga Video, ka kai RF, wato lambar matse hoto, zuwa 28. Hattara: lambar na hawa, nauyi na raguwa, amma in ka wuce 30 fuskoki za su dushe.
5. Ba shi sabon suna, kada ka taɓa na asali.
6. Danna Start Encode.
7. Kalle shi har ƙarshe, ka saurari muryar mai addu'a.
8. Tura shi a WhatsApp ta Document, don kada a sake matse shi.

Nawa ya dawo 35 MB. Bayan sallar asuba Inna ta sauke shi, ta aiko min da guɗa.