Matakan Rubuta Sanarwar Gudummawar Rijiyar Burtsatse

Da farko, kada ka rubuta komai sai kwamiti ya karɓi rubutaccen farashi daga mai haƙa. Rarraba kuɗin gida-gida: binciken ƙasa, haƙa, bututu, famfo, tanki da ƙarfen ɗora shi. Mutane sun fi sakin hannu idan sun ga inda kowace naira za ta shiga.

Sannan ka nuna inda aka kwana. A ce ana neman naira miliyan 4, an tara miliyan 1 da dubu 500: rubuta "saura miliyan 2 da dubu 500", ka sa ranar lissafin. Alkawari ba kuɗi ba ne, kada ka haɗa shi da abin da ya shigo. Mu mun taɓa yin wannan kuskuren, ranar biyan mai haƙa muka yi ta zare ido.

Sai hanyar bayarwa: sunan banki, lambar asusu da sunan da ke kansa. Asusun kwamiti mai sa hannun mutum biyu, ba na wani mutum ba. Mai kawo tsaba a ba shi rasit.

Duk Juma'a a sabunta lissafin, da hoton aikin.