Babi na 6: Sikelin Awo da Kwanon Mai Ciki

Darasi na 1: Karanta katin awo

'Yar'uwa, ɗauko katinki na awon ciki. Nemi layin da aka rubuta kg. Haruffan nan biyu suna nufin kilo, wato nauyinki ranar da kika hau sikeli.

Mace mai matsakaicin jiki ana so ta ƙara kilo 11 da rabi zuwa 16 kafin ta haihu. Ramammiya ana so ta fi haka, mai ƙiba kuma ƙasa da haka. A watanni uku na farko ƙarin kaɗan ne, kada hankalinki ya tashi. Daga wata na huɗu, kusan kilo 2 ake nema kowane wata.

Ga inda ɗalibaina suka fi tuntuɓe. Lamba ɗaya ba ta gaya miki komai, sai an haɗa biyu. Rubuta ta yau a sama, ta watan jiya a ƙasa, ki ɗebe.

A ce watan jiya 55, yau 57. Ta yau a sama: 57. Ta watan jiya a ƙasa: 55. An ɗebe, saura 2. Madalla, jiki na tafiya daidai. Wata ya zagayo, sikeli ya sake nuna 57. Ta yau a sama, ta watan jiya a ƙasa: saura sifili. Ba ki ƙaru ba ke nan. Gaya wa ma'aikaciyar lafiya a ranar.

Sake gwadawa, a hankali, za ki iya. Wacce ke sama? Ta yau. Haba 'yan'uwa, sau nawa zan faɗa? Har yanzu wasu na kallon 57 su ce "na yi nauyi", su ninke kati su tafi! Ta yau a sama, ta watan jiya a ƙasa.

Idan kuwa nauyi ya haura farat ɗaya, ga kumburin fuska da hannu, ga ciwon kai, wannan ba ƙiba ba ce. Asibiti, yau ɗin nan.

Darasi na 2: Idan baki ya ƙi abinci

Kada ki jira yunwa, wataƙila ba za ta zo ba. Abincin da kike ci sau uku, raba shi gida shida, ki riƙa ci kaɗan-kaɗan. Sha ruwa tsakanin ci da ci, don kada ya cika miki ciki tun ba ki kai loma biyar ba. Shayi ma a nesanta shi da abinci da ƙwayar ƙarin jini, domin yana hana jiki zuƙar sinadarin ƙarfe. In ko ruwa ba ya zama saboda amai, a tafi asibiti.

Darasi na 3: Idan hannu ya yi gajarta

Haɗa hatsi da wake, ki zuba ganye da cokalin mai. In an samu ƙwai, a dafa shi sosai. Ki ɗebi rabonki kafin a raba wa gida, ban da cin ragowa.