Wasiƙar tabbatar da oda: inda ƴan kasuwarmu suka fi tuntuɓe

Yawancin cinikin da ke tsakanin Tawa da Yamai a waya ake ƙulla shi, imel ɗin tabbatar da oda daga baya yake zuwa. A nan ne matsalar take farawa, domin mai rubutawa yana rubuta wa wanda suka gama magana da shi ne, sai ya tsallake duk abin da yake ganin an riga an sani. Alhali ranar da rigima ta tashi, masu karanta wasiƙar mutane ne da ba su ji hirar ba: mai riƙe da kuɗin ofis, ko direba, ko dattijon da aka kira sulhu. Don su ya kamata a rubuta ta.

Mu ɗauki misali guda mu bi shi har ƙarshe. Wani Alhaji mai sayar da albasar Galmi ya yi ciniki da wata Hajiya da ke kula da madafar makarantar kwana a Yamai. Ya aika mata: "Albasa buhu 40, 3.000, mako mai zuwa in sha Allah." A wurinsa magana ta ƙare. A gaskiya kuwa kowace gaɓa ta wannan layi tana iya jawo gardama.

Kuskuren da ya fi tsada shi ne na kuɗi. A kasuwa da dala muke ƙirga, dala ɗaya kuma tamma biyar ce. Da Alhaji ya rubuta 3.000, dala dubu uku yake nufi, wato jika goma sha biyar, sefa 15.000 kowane buhu. Akawun makaranta kuwa da tamma yake aiki, shi sefa 3.000 ya gani a rubuce, kuma a kan haka zai fitar da kuɗi. Bambancin ninki biyar ne: sefa 600.000 a lissafin Alhaji, 120.000 a na akawu. Hajiya ta san farashin gaskiya, amma takarda ba ta goyi bayanta ba. Gyaran mai sauƙi ne: a rubuta kuɗi da tamma a lamba, a sa FCFA a gefensa, sannan a maimaita shi da kalmomi yadda ake faɗa a baki. A kuma nuna kuɗin buhu ɗaya daban, jimla daban, don lamba guda tilo ba ta faɗin ko na ɗaya ne ko na duka. Masu sayar wa ofisoshi kayan da ake biya wa haraji su ƙara bayyana ko farashin HT ne, wato ba a sa haraji ba, ko TTC, wato har da haraji, domin TVA, harajin da ake ɗorawa kan farashin kaya, a Nijar kashi 19 cikin ɗari ce, a kan kayan 100.000 ta kai 19.000.

Sai kayan da kansu. Buhu ba ma'auni ba ne tsayayye, akwai babba akwai ƙarami, akwai wanda aka cika har aka ɗora masa hula. Albasa kuma tana rage nauyi in tana bushewa, ɗanya ta fi saurin ruɓa a hanya. Saboda haka "buhu 40" kaɗai bai isa ba. A faɗi iri, a faɗi ko busasshiya ce, manya ko matsakaita, da kilo nawa kowane buhu zai kai, da inda za a auna: wurin lodi ko wurin saukewa. Wannan na ƙarshen mutane suna raina shi, amma a kansa ake yawan musu, kowa yana rantsuwa da sikelinsa. A ganina gara a amince tun farko cewa awon wurin saukewa shi ne abin dogaro, mai saye kuma ya duba kaya a ranar da suka iso. In ya bari sun kwana uku a sito mai zafi, babu wanda zai iya raba laifin hanya da laifin ajiya.

"Mako mai zuwa" ba rana ba ce. Haka "bayan kasuwar Lahadi". Ko an sa kwanan wata ma, akwai tarko: mai sayarwa ranar lodi yake nufi, mai saye ranar isowa yake jira, tsakaninsu kuwa akwai doguwar hanya ta Konni, Dogon Dutsi da Doso. A rubuta ranakun biyu, kowace da sunanta da kwanan wata da shekara. A faɗi wurin da za a sauke, ko tasha ko kasuwar Katako ko ƙofar sito, da wanda zai biya kuɗin mota da ladan ƴan dako. In ba a faɗa ba, direba ne zai tsaya da kaya a kan mota yana jiran a gama gardama a waya.

Wajen biya, kalmar "zan tura" ta yi kaɗan. Ta wace hanya: banki, ko kamfanin aika kuɗi irin NITA ko Amana, ko kuɗin waya? Da sunan wa? Sunan da za a rubuta shi ne wanda ke kan katin shaidar mai karɓa, harafi da harafi, tunda da katin zai je ya karɓa, laƙabin da aka san shi da shi a kasuwa ba zai yi masa aiki ba. Kuɗin aikawa fa, a wuyan wa? Ba su da yawa, amma in aka cire su daga cikin kuɗin kaya, Alhaji zai ga abin da ya karɓa bai cika ba. In akwai kafin alƙalami, a faɗi nawa ne, da ranar cikon.

Ga yadda wasiƙar Alhaji ya kamata ta kasance:

"Hajiya, barka da aiki. Ina tabbatar da cinikin da muka yi yau a waya. Albasar Galmi busasshiya, matsakaiciya, buhu 40, kowane buhu ba zai gaza kilo 100 ba a awon sitonku. Buhu ɗaya 15.000 FCFA, wato jika goma sha biyar, jimla 600.000 FCFA. Kuɗin mota 2.000 FCFA kowane buhu, 80.000 FCFA, a kanku. Duka 680.000 FCFA. Ladan saukewa a kaina. Lodi ranar Litinin 13 ga Afrilu 2026, isowa ƙofar sitonku ranar Talata 14 ga Afrilu 2026. Rabin kuɗin, 340.000 FCFA, kafin lodi, ta NITA da sunan da ke kan katina, kuɗin aikawa a kanku. Cikon ranar saukewa bayan kun auna. In haka ne, ki amsa da cewa kin amince."

Layin ƙarshen nan shi ne wanda aka fi mantawa. Wasiƙar da ba a amsa ba maganar mutum ɗaya ce. Amsar "na gani" ma ba ta wadatar ba, don gani daban yarda daban. Kada a ɗaure buhu ko ɗaya sai an ga "na amince", kuma a cikin amsar wasiƙar nan ɗin, yadda sharuɗɗan za su kasance a ƙasanta.

Bayan haka sau da yawa wani abu yana canzawa. Hajiya ta aiko saƙon murya ta WhatsApp cewa a mai da shi buhu 35, Alhaji ya ce to, imel kuma yana nan yana cewa 40. Duk canjin da aka yi a baki, a koma kan wasiƙar farko a rubuta shi tare da sabon lissafi: buhu 35, kaya 525.000, mota 70.000, duka 595.000 FCFA, a sake neman amincewa. In kuwa canjin na lambar asusu ne ko sunan mai karɓar kuɗi, kuma ta imel ya zo, kada a tura ko dala sai an kira mutumin a tsohuwar lambarsa an ji daga bakinsa, domin masu kutse cikin akwatin imel da irin wannan saƙo suke karkatar da kuɗin mutane.